An Karya ta, ko Faɗuwa ta Yi? Labarin Sefa Daga 1994 Zuwa 2000



Za mu fara da ranaku biyu daga tarihin kuɗi guda ɗaya, wato sefa, kuɗin da ake kashewa a Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena.

Ranar farko ita ce 12 ga Janairu, 1994. Mutanen Yamai sun kwanta ana sayen faran ɗaya na Faransa a kan sefa 50, suka wayi gari ya koma sefa 100. Har yau dattawan Nijar suna kafa tarihi da wannan rana, su ce kaza ya faru kafin karya kuɗi, kaza kuma bayansa.

Rana ta biyu ita ce 26 ga Oktoba, 2000. A ranar, dalar Amurka ɗaya ta kai kusan sefa 795, alhali a farkon 1999 tana wajen sefa 556. Sefa ta yi asarar kusan kashi 30 cikin ɗari na darajarta a gaban dala. Amma babu wanda ke tuna ranar, domin ba a yi taro ba, ba a karanta sanarwa ba, babu kuma takardar da wani ya sa wa hannu.

A duka lokutan biyu mai sefa a aljihu ya ragu da ƙarfin sayen kuɗin waje. Duk da haka masana tattalin arziki ba sa kiran abubuwan biyu da suna ɗaya. Na farko Turanci na ce masa dibaluweshan, na biyu difirishiyeshan. Mu da Hausa muna da namu: karya darajar kuɗi, da faɗuwar darajar kuɗi. Kafin mu ci gaba, a lura cewa duk inda muka ce dala a nan ta Amurka muke nufi, ba dalar ƙidayar Nijar mai sefa biyar ba.

Aikatau ya riga ya raba gardama

Harshenmu ya sauƙaƙa mana aikin. Idan aka ce “an karya”, kunne na jiran ya ji wa ya karya. Idan aka ce “ta faɗi”, ba a neman kowa, sai dai a tambayi dalili. Wannan shi ne ainihin bambancin.

Karya daraja na faruwa ne inda hukuma ta yanka wa kuɗinta farashi, ta kuma yi alkawarin saye da sayarwa a kan wannan farashin. Ranar da ta ce ta sauya shi zuwa ƙasa, ta karya. Akwai mai yanke hukunci, akwai rana, akwai tsohon lissafi da sabo.

Faɗuwar daraja kuwa tana faruwa inda aka bar kasuwa ta tsayar da farashi. Masu neman dala suka fi masu sayar da ita yawa, sai dala ta hau, kuɗin gida ya sauka. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wani lokaci ma ya ɗan farfaɗo sannan ya sake sauka.

Kalmomin biyu suna da tarihi. A yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944, kowace ƙasa ta bayyana tsayayyen farashin kuɗinta, aka ɗaure shi da dala, dala kuma da zinariya. A wannan zamani babbar hanyar da kuɗi ke sauka a hukumance ita ce gwamnati ta sauke shi. Haka Birtaniya ta yi ranar 18 ga Nuwamba, 1967, ta mayar da fam daga dala 2.80 zuwa 2.40. Bayan Amurka ta daina musanya dala da zinariya a Agustan 1971, manyan kuɗaɗen duniya suka koma yawo a kasuwa daga 1973. Daga nan kalma ta biyu ta zama ta yau da kullum. Sefa ta dace da darasinmu domin tana da ƙafa a kowane ɓangare: a ɗaure take da kuɗi ɗaya, amma shi wannan kuɗin yana yawo.

Igiyar da aka ɗaure sefa da ita

An ƙirƙiri sefa ranar 26 ga Disamba, 1945, domin ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka. A 1948 aka tsayar da sefa ɗaya a kan faran biyu. Da Faransa ta fito da sabon faran a 1960, wanda ɗayansa ya tsaya a madadin tsofaffi ɗari, lissafin ya zama faran ɗaya sefa 50. Ba a taɓa wannan ma'auni ba tun daga 1948 har 1994, shekara 45 da 'yan watanni.

Farashi ba ya tsayawa don an rubuta shi a takarda. Dole a sami wanda zai biya. Baitulmalin Faransa ne ya ɗauki lamunin cewa duk wanda ya kawo sefa 50 za a ba shi faran ɗaya. A madadin haka, manyan bankunan yankin guda biyu, na yamma mai hedikwata a Dakar da na tsakiya mai hedikwata a Yawunde, suna ajiye kaso mafi tsoka na kuɗin wajensu a wani asusu a Baitulmalin, wanda a wancan lokaci ya kai kashi 65 cikin ɗari. Idan asusun ya ƙare, Faransa ta cika giɓin.

Wannan ya nuna mana tun yanzu su wa ke da ikon karyawa. Ɗan canji a kasuwar Maraɗi ba shi da shi. Gwamnatin Nijar ita kaɗai ma ba ta da shi, tun da kuɗin na haɗaka ne. Sai ƙasashen sun haɗu, sai kuma mai lamunin ya yarda.

Yadda tsohon farashi ya zama kaya mai nauyi

Ruwa ba ya tsami banza. Daga 1985 abubuwa uku suka haɗu a kan sefa.

Na farko, dala ta sauka a kasuwannin duniya. A farkon 1985 tana kusan faran 10, zuwa 1990 ta dawo kusan faran biyar da rabi. Da yake sefa na bin faran, dala ta sauko daga wajen sefa 500 zuwa wajen 275. Jin wannan kamar abin murna ne, amma ga ƙasar da ke sayar da koko ko auduga da dala, ma'anarsa ita ce kowane tan yana kawo kusan rabin sefar da yake kawowa a da, alhali albashi da kuɗin sufuri suna nan yadda suke.

Na biyu, farashin kayan kansu ya faɗi. Koko da kofi sun karye wa Kwaddibuwa da Kamaru, yuraniyom na Arlit kuma ya karye wa Nijar. Gwamnatoci suka shiga bin ma'aikata da jinkirin albashi na watanni.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar ƙasar Hausa. A Satumban 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Dalar da ba ta kai naira biyu ba ta haura naira huɗu a gwanjon farko, zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a hukumance, a bayan fage kuma ta fi haka. Mai sefa ya zama sarki a kasuwannin Jibiya da Kano. Man fetur da atamfa da sabulu da takin zamani na Najeriya suka cika Nijar a farashin da masana'antun can ba za su iya gogayya da shi ba. Shi kuwa mai kai shanu ko wake Najeriya, nairar da yake karɓa tana narkewa kafin ya mayar da ita sefa.

A 1993 alamu suka fito fili. Masu kuɗi suka riƙa kwasar takardun sefa suna fita da su domin a mayar musu da faran tun kafin a taɓa farashin. A watan Agusta manyan bankunan biyu suka daina fansar takardun sefa da aka fitar waje da yankin. A Satumba gwamnatin firaminista Edouard Balladur ta sanar cewa Faransa ba za ta ƙara cike giɓin kasafin wata ƙasa ba sai ta daidaita da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, shi kuma Asusun ya daɗe yana cewa sefa ta yi tsada. Ranar 7 ga Disamba shugaba Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ya rasu, wanda aka sani da ƙin amincewa a taɓa kuɗin. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka aka hallara a Dakar.

Daren Dakar

Shugabanni da wakilan ƙasashe 14 suka taru a ranakun 10 da 11 ga Janairu, 1994: ƙasashe 13 masu kashe sefa, da tsibiran Komoros masu nasu faran. Abin da aka shaida wa duniya shi ne za a tattauna matsalar kamfanin jiragen sama na Air Afrique. Amma a cikin baƙin akwai Michel Camdessus, shugaban Asusun Ba da Lamuni, da Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen. Nijar a lokacin tana ƙarƙashin shugaba Mahamane Ousmane, wanda bai cika shekara a mulki ba.

Daren 11 ga wata, ministan kuɗin Kamaru, Antoine Ntsimi, ya karanta sanarwar. Daga ranar 12 ga Janairu faran ɗaya ya zama sefa 100. Na Komoros aka mayar da shi 75. Faransa ta yi alkawarin yafe wani ɓangare na bashi, Asusun da Bankin Duniya kuma suka buɗe ƙofar sabon rance.

To wa ya yanke hukuncin? A takarda, shugabannin Afirka ne tare da Faransa. A zahiri, an riga an toshe musu sauran hanyoyi tun Satumba. Masana tarihi na iya yin gardama a kan wanda hannunsa ya fi nauyi, amma gardamar kanta tana yiwuwa ne saboda akwai ɗaki, akwai mutane masu suna a cikinsa. Duk inda aka karya kuɗi za a iya nuna ɗakin.

A lura kuma da ɓoye manufar taron. Ba wayon banza ba ne, dole ce ta sa. Mu ɗauka wani ya fitar da sefa miliyan biyar a 1993, ya karɓi faran 100,000. Ranar 12 ga Janairu ya dawo da su, aka ba shi sefa miliyan goma. Ya ninka dukiyarsa bai sayar da ko allura ba. Idan gwamnati ta ce za ta karya kuɗi mako mai zuwa, kowa zai yi haka yau, asusun ya ƙare kafin makon ya zo. Shi ya sa hukumomi ke musantawa har zuwa sa'ar ƙarshe, kuma shi ya sa karya kuɗi ke barin ɗacin cin amana a bakin jama'a, ɗacin da faɗuwa ba ta bari.

Kashi 50 ne ko kashi 100?

Nan ne marubuta da yawa ke tuntuɓe. Wani zai rubuta an karya sefa da kashi 50, wani ya ce da kashi 100. Lissafi ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. Sefa 100 da ke sayen faran biyu ta koma sayen ɗaya, don haka darajar sefa ta ragu da rabi, kashi 50. Faran da ake saye 50 ya koma 100, don haka farashin faran ya ƙaru da kashi 100. Kuɗi ba zai yi asarar kashi 100 na darajarsa ba sai in ya zama takardar banza. Saboda haka daidai shi ne a ce an karya sefa da kashi 50, farashin kuɗin waje ya ninka.

Bari mu shiga littafin lissafin mutum uku a Maraɗi. Alƙaluman misali ne muka ƙirƙira, amma ma'aunin canjin na gaske ne.

Mai kantin magani yana da bashin faran 10,000 na kayan da aka aiko masa daga Faransa a Disamba. Ya yi tanadin sefa 500,000. Ranar Laraba 12 ga wata bashin ya zama miliyan ɗaya, alhali ya riga ya sayar da rabin kayan a tsohon farashi.

Malamin makaranta yana karɓar sefa 60,000 a wata. Jiya albashinsa faran 1,200 ne, yau 600. Geron da aka noma a gida bai ninka nan take ba, amma magani da littafi da kayan gyaran babur sun tashi.

Na ukun dillalin fatun jar akuya ne, irin wadda Maraɗi ta yi suna da ita. Ana biyansa faran 20 a kan kowace fata. Da yana karɓar sefa 1,000, ya kashe 750 wajen saye da jima da sufuri, ribarsa 250. Yanzu yana karɓar 2,000. Don irinsa aka karya kuɗin: a sa fitar da kaya ya yi riba, shigo da kaya ya yi tsada, giɓin ƙasa ya ragu.

Amma ribar tasa tana rataye da abu guda, wato yadda farashin cikin gida zai tashi. A Nijar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1994. Idan kuɗin da dillalin ke kashewa ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, 750 ta zama 1,000, ribarsa ta zama 1,000. Ya ci nasara. Da a ce komai ya ninka, 750 ta zama 1,500, ribar ta zama 500, wadda ba za ta sayi fiye da abin da 250 ke saya a da ba. An sha wahala a banza ke nan. Wannan shi ne ma'aunin da ake gwada karya kuɗi da shi: a jira shekara ɗaya ko biyu, a ga nawa hauhawar farashi ta cinye. Kuma wannan ne dalilin da ya sa gwamnatocin suka ƙi ninka albashi, suka yi ƙari kaɗan. Malamin makaranta ne ya biya kuɗin ribar dillali. A ƙasashen sefa hauhawar ta lafa cikin shekara biyu zuwa uku, kuma dabbobin Sahel sun sake samun kasuwa a biranen gaɓar teku inda naman ƙanƙara na Turai ya kore su a da.

Faɗuwar da ba ta da uba

Ranar 1 ga Janairu, 1999, faran ya shiga cikin yuro, a kan faran 6.55957 kowane yuro. Tun da faran ɗaya sefa 100 ne, sai aka ninka, yuro ɗaya ya zama sefa 655.957. An yi ta raɗe-raɗin za a sake karyawa a lokacin, amma ba a yi ba. Sauyin ma'auni ne kawai, kamar a auna buhu ɗaya da tiya maimakon mudu.

Yuro kuwa ba a ɗaure yake da komai ba. Ya fara ciniki a wajen dala 1.18. A raba 655.957 da 1.18, a sami kusan sefa 556 a kowace dala. Daga nan ya yi ta gangarowa. Tattalin arzikin Amurka na bunƙasa, kuɗin ruwa a can ya fi na Turai, masu zuba jari suka riƙa sayar da yuro suna sayen dala domin shiga kasuwar hannun jarin Amurka. Ranar 26 ga Oktoba, 2000, yuro ya sauka zuwa wajen dala 0.825. A sake rabawa, dala ta zama kusan sefa 795.

Mai shigo da shinkafa daga Asiya ko maniyyacin da ke haɗa guzurin Makka ya ji wannan a jikinsa. Amma wa zai kama? Babban banki a Dakar bai sauya ko ɗigo ba, yuro na nan a 655.957. Shugabannin Afirka ba su zauna ba. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne hukumar da ke da kuɗin ma ba ta so ba. Ranar 22 ga Satumba, 2000, Babban Bankin Turai da takwarorinsa na Amurka da Japan da wasu suka shiga kasuwa suna sayen yuro domin su tallafe shi. Ya ɗan ɗaga, bayan wata guda ya faɗi ƙasa da inda yake. A Dakar hukuma ta ce kuɗi ya sauka, ya sauka a daren. A nan hukuma ta ce ya tsaya, ya ƙi.

Akwai wani bambancin kuma. Faɗuwa na iya juyawa da kanta. A Yulin 2008 yuro ya kai kusan dala 1.60, dala ta dawo wajen sefa 410, ba tare da wani ya ba da umarni ba. Karyawar 1994 kuwa tana nan daram, domin 655.957 ɗin da ake amfani da shi yau ɗanta ne. Abin da aka yi da sa hannu, sai da sa hannu ake warware shi.

Kada mu ɗauka cewa faɗuwa ba ta da sanadi a hannun hukuma. Gwamnatin da ke buga kuɗi ba kai ba gindi, ko ta bar hauhawar farashi ta wuce kuɗin ruwa, ita ta tura kuɗinta bakin rami. Bambancin shi ne ba ita ta zaɓi ranar da lissafin ba.

Inda abu ke rikicewa: naira

Yawancin ƙasashe ba a ɗaure suke tamau ba, ba kuma a sake suke sarai ba. Naira misali ce.

A watan da aka karya sefa, Janairun 1994, gwamnatin Janar Abacha ta tsayar da dala a naira 22. Farashin hukuma bai motsa ba har ƙarshen 1998. Wanda ya duba takardun gwamnati kawai zai ce naira ta yi shekara biyar ba ta girgiza ba. Amma a kasuwar da aka buɗe wa 'yan kasuwa a 1995, dala ta haura naira 80. Naira ta faɗi ba tare da an karya ta ba. Duk wanda ya sami dala a 22 ya sayar a 80 ya yi arzikin dare ɗaya. Tazara mai faɗi tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji ita ce babbar alamar cewa tsayayyen farashi ya rabu da gaskiya, kuma karyawa na tafe ko ba daɗe ko ba jima. A farkon 1999 aka soke farashin 22.

Ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canjinsa, ya daina riƙe farashi. Dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 600 a rana ɗaya. Jaridun waje suka ce an karya naira, hukuma ta ce kasuwa aka sakar wa mara. Duk biyun suna da kamshin gaskiya. Tsallen ranar farko hukunci ne, yana da rana da masu shi, kuma ya fi kama da karyawa duk da ba a yanka sabon farashi ba. Gangarowar da ta biyo baya har dala ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024, galibinta faɗuwa ce, ko da yake an sake taɓa tsarin lissafin farashin a tsakani. Marubuci mai kula zai raba su: bankin ya saki naira, daga nan ta ci gaba da faɗuwa.

Tambayoyi uku kafin a ɗora alƙalami

Na ɗaya, akwai farashin da hukuma ta yi alkawarin karewa? In babu, babu abin da za a karya, sai faɗuwa.

Na biyu, za a iya faɗin rana da sunan wanda ya sanar? In za a iya, karyawa ce. In sai dai a ce “a 'yan watannin nan”, faɗuwa ce.

Na uku, a gaban wane kuɗi, kuma a wace kasuwa? Sefa na iya faɗuwa a gaban dala, ta tsaya cik a gaban yuro, ta tashi a gaban naira, duk a mako ɗaya. Jimlar da ta ce “sefa ta faɗi” ta yi shiru ba ta cika ba.

Haka yake idan kuɗi ya yi sama. In hukuma ce ta sauya farashin, an ɗaga darajarsa. In kasuwa ce, darajarsa ta tashi.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne aikatau na ɗora laifi ko ya sauke shi. Wanda ya rubuta cewa sefa ta faɗi a 1994 ya wanke mutanen da suka zauna a Dakar, ya mayar da hukuncinsu kamar fari ko ambaliya. Wanda ya rubuta cewa an karya sefa a 2000 ya ƙaga taron da ba a yi ba, kuma a ƙasar da mutane ke tuna 1994, irin wannan kalma na iya tura su layin banki da sassafe.

Ga mai rubuta ƙagaggen labari ma, yanayin biyu ba ɗaya ba ne. In labarinka ya faɗo a Maraɗi cikin Janairun 1994, kana da dare ɗaya, da rediyo, da 'yan kasuwar da suka ƙi buɗe shago da safe domin ba su san nawa za su sayar ba. In ya faɗo a Kano cikin 1995 ko ƙarshen 2023, babu dare ɗaya. Akwai uwar gida da ke lura cefanen mako ya daina kaiwa Alhamis, da ɗan canji a Wapa da ke faɗin farashi ɗaya da hantsi, wani da la'asar.

Aikin wannan mako: kowa ya nemo kanun labari ɗaya na Hausa da ya yi maganar darajar naira ko sefa ko sidi, ya gwada shi da tambayoyin nan uku, ya kawo mana gyararren kanun in yana buƙatar gyara. Waɗanda iyayensu suka ga Janairun 1994 a Nijar ko Kamaru ko Chadi, a tambayo mana su abin da suka fara saye da ya ninka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.